Kuɗin da aka zuba ba riba ba ne: darasi daga kundin jarin kullum

Tsarin ciniki da ke tafiya da kansa yakan rubuta jimillar jarinsa kowace rana idan aka rufe kasuwa. Daga wannan kundi ake ciro lambobi biyu: faɗuwa mafi zurfi, da kuma ma'aunin Sharpe, wanda William Sharpe ya gabatar a 1966. Lissafin kansa ba shi da wuya. Abin da aiki ya koya mini shi ne, yawancin kuskure yakan shigo tun kafin a fara lissafin, a cikin kundin.

Mu ɗauki kwana shida: 10,000, 10,400, 10,100, 9,880, 10,300, 10,600. Faɗuwa ana auna ta ne daga ƙololuwar da aka riga aka kai zuwa ranar da ake dubawa. A rana ta huɗu ƙololuwar ita ce 10,400, jari kuma yana 9,880, wato ya sauka da kashi 5 cikin ɗari. Mai gaggawa sai ya ɗauko lamba mafi girma a kundin, 10,600, ya haɗa ta da mafi ƙanƙanta, ya sami kashi 6.8. Wannan faɗuwar ba ta taɓa faruwa ba, domin 10,600 ta zo ne bayan an fita daga ramin. Jerin kwanaki shi ne ƙashin bayan wannan ma'auni.

Yanzu a ce a ƙarshen rana ta huɗu mai asusun ya ƙara 1,000. Kundi zai nuna 10,880. Ranar da tsarin ya yi asarar kusan kashi 2.2 ta koma ranar ribar kashi 7.7, faɗuwa mafi zurfi kuma ta ragu daga kashi 5 zuwa 2.9. Babu wanda ya yi ƙarya, amma lambar ta ɓata. Cire kuɗi kuwa yakan haifar da akasin haka, a ga rami inda babu asara. Alamar da ke tona wannan ita ce rana guda da ta yi tsalle fiye da sauran nesa ba kusa ba, alhali cinikin ranar bai kai ya jawo hakan ba.

Maganin shi ne a ware shafi na kuɗin shiga da fita, a cire su kafin a fitar da ribar kowace rana, sannan a sake gina layin jari daga 1:

```python
r = (eq - flow) / eq.shift(1) - 1
idx = (1 + r.fillna(0)).cumprod()
mdd = (idx / idx.cummax() - 1).min()
ex = r.dropna() - rf / 252
sharpe = ex.mean() / ex.std() * 252 ** 0.5
```

A nan `eq` jarin kullum ne, `flow` kuɗin shiga da fita, `rf` ribar shekara ta ajiya marar haɗari, `mdd` kuma faɗuwa mafi zurfi. Layin farko ya ɗauka cewa kuɗin a ƙarshen rana ya shigo. In da safe ne, sai a ƙara shi a kan jarin jiya, a raba jarin yau da jimillar.

Shi ma'aunin Sharpe tambaya ɗaya yake amsawa: nawa aka samu sama da abin da ajiya marar haɗari za ta bayar, idan aka gwada shi da yawan hawa da saukar da aka jure? A ce matsakaicin ribar rana kashi 0.05 ne, warwatsuwar da `std()` ya bayar kashi 1, ajiya marar haɗari kuma tana ba da kashi 5 a shekara, kusan 0.02 ke nan a rana. Ragowar 0.03 a raba da 1, a ninka da 15.87 don a mayar da shi na shekara, sai a sami 0.48. Wanda ya manta da cire kason ajiyar zai sami 0.79, ya yi murna a banza.

Ita 15.87 ita ce lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 252, adadin ranakun cinikin hannun jari a shekara. Kasuwar da ba ta hutu sai a sa 365, a ninka da 19.1. Haka ma kundin da ke maimaita jarin Juma'a a Asabar da Lahadi: ko a goge waɗannan layuka, ko a koma 365, amma kada a gauraya.

Akwai iyakar da gyaran kundi ba ya kawarwa, kuma a ganina ita ta fi cancanta a faɗa wa duk wanda za a miƙa wa sakamakon. Kundin kullum farashin rufewa kawai ya sani, don haka ramin da aka faɗa da tsakar rana aka fito kafin yamma ba zai bayyana ba. Sannan Sharpe na shekara guda yana ɗauke da kuskuren ƙiyasi na kusan 1, wato 0.48 ɗin nan ba a iya bambanta shi da sifili. Sai kundin ya kai shekara huɗu kuskuren ke sauka zuwa kusan 0.5.