Tik ɗaya a WhatsApp: yadda na gano inda saƙona ya maƙale

Tik ɗaya mai ruwan toka yana nufin saƙonka ya bar wayarka ya isa sabar WhatsApp, wato kwamfutar kamfanin da ke miƙa saƙonni, amma bai sauka a wayar wanda ka aika wa ba. Idan saƙon bai fita daga wayarka ba, ɗan agogo za ka gani a gefensa. Saboda haka da zarar tik ya bayyana, datarka da sabis ɗinka sun gama nasu aikin, kuma kashe waya da kunnawa ko sake sayen data ba za su motsa saƙon ba. Abin da ya rage yana tsakanin saba da ɗaya wayar. Da wannan na fara lokacin da saƙonnina suka daina isa wurin yayana, jim kaɗan bayan na sayi sabon layi na buɗe WhatsApp a kansa.

Na aika masa gaisuwa, na bi da hoton wata takarda da yake jira. Dukansu suka tsaya a tik ɗaya. Da farko ban damu ba, don mutum ne da wayarsa kan mutu ya bar ta har dare. Saba tana ajiye saƙon da bai sauka ba har tsawon kwana 30, tana ta ƙoƙarin miƙa shi, kuma da zarar wayar ta hau intanet sai ya faɗo. Idan kwana 30 suka cika wayar ba ta hau ba, sai a goge shi daga sabar, ya zauna a tik ɗaya a wayarka har abada. Wato 'yan awoyi na tik ɗaya ba komai ba ne. Amma nawa ya kwana, ya sake kwana.

Na fara aika wa wasu mutane saƙo don in tabbatar. Nan take suka nuna tik biyu. Wannan ya fitar da wayata daga zargi, ya kuma nuna cewa WhatsApp ɗin kansa lafiya yake. Yakan faɗi wani lokaci, kamar ranar 4 ga Oktoba 2021 da ya ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya, amma irin wannan kowa yake shafa, ba ya zaɓar mutum ɗaya.

Sai na duba saman hirarmu. Babu hotonsa, babu lokacin da ya hau na ƙarshe. Na kira shi ta WhatsApp, allon ya tsaya a Calling, bai koma Ringing ba. Mutane da yawa a nan suke yanke hukunci cewa an yi musu bulok, har su fara fushi. Ni ban yarda da waɗannan alamomin su kaɗai ba, kuma ina da dalili. Layina sabo ne, bai ajiye lambar ba, kuma duk wanda ya saita hotonsa da lokacin hawansa a kan My contacts, baƙuwar lamba ba za ta gansu ba. Kiran da ya tsaya a Calling kuwa, haka yake yi ko wayar mutum a kashe take kawai. Kamfanin da kansa ya ce da gangan ya bar alamomin bulok a dunƙule, don kada a tona asirin wanda ya yi shi. Duk alamar da za ka gani, wayar da ba ta kan intanet ko irin wannan saitin ma suna iya nuna irinta.

Abin da ya raba mini gardama guruf ne. Akwai na dangi da aka saka sabuwar lambata a ciki, shi ma yana ciki. Bulok ba ya aiki a cikin guruf: ko mutum ya toshe ka, saƙon da ka rubuta a can zai isa gare shi, kai ma za ka ga nasa. Na rubuta sallama a guruf ɗin, na danna saƙon na riƙe, na shiga Info. A ƙarƙashin Delivered to sai ga sunansa, da lokacin da saƙon ya sauka, minti ɗaya bai cika ba. Ke nan wayarsa tana kunne, tana kan intanet, WhatsApp ɗinsa yana karɓar saƙo. Nawa na kai-tsaye ne kaɗai ba ya shiga. Da a ce na guruf ɗin ma bai sauka a wayarsa ba, da na san matsalar waya ce ko data.

A kula da abu ɗaya game da guruf: tik na biyu ba ya fitowa sai saƙon ya sauka a wayar kowa da kowa. Mutum ɗaya da ya yar da layinsa ya isa ya riƙe saƙon guruf a tik ɗaya, alhali sauran duk sun karanta. Shi ya sa a can Info ake dubawa, tik ɗin ba ya faɗin komai game da mutum ɗaya.

Na kira shi ta layi.

"Yaya, ko ka ga saƙona a WhatsApp?"

"Wane saƙo? Ni kam tun da ka ce za ka turo takardar nan shiru nake ji."

"Don Allah shiga Settings, ka danna Privacy, ka nemi Blocked contacts. Karanto mini lambobin da ke ciki."

Ya karanto, ta biyu tawa ce. Ya yi salati ya ce shi bai san ya aka yi ba, can kuma ya tuna. Idan baƙuwar lamba ta aiko maka saƙo, WhatsApp yakan nuna maɓallin Block a cikin hirar. A ranar da na karɓi layin na aika masa "Salam" kawai, ba suna ba bayani. Ya ga lambar da bai sani ba, ya ɗauka masu damfara ne, ya danna ya wuce. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi.

Ya cire bulok ɗin muna kan waya. Na zuba wa tsofaffin saƙonnin ido ina jiran su koma tik biyu, ba su koma ba. Na rubuta sabo, nan take ya shiga. Wannan shi ne babban bambancin da na koya tsakanin bulok da rashin data. Saƙon da rashin data ya riƙe yana layi ne, zai sauka idan hanya ta buɗe. Wanda ka aika lokacin da kake cikin bulok kuwa ba ya layin komai, ba zai taɓa isa ba ko bayan an cire. Dole na sake tura hoton takardar.

Ba a daɗe ba na sake cin karo da tik ɗaya a wayar gwaggona, amma nata salon daban ne. Saƙo zai yini bai sauka ba, sannan da yamma duk su koma tik biyu lokaci guda, su zama shuɗi a cikin daƙiƙa. Ita kuma ta rantse datarta a kunne take tun safe. Wannan salon, na sauka da karantawa a tare, yana nuna cewa WhatsApp ba ya samun intanet sai an buɗe shi. Da na karɓi wayar, Android ce, na shiga Settings, Apps, WhatsApp, na duba ɓangaren data. Background data a kashe yake, kuma Data Saver na wayar a kunne. Wani jikanta ne ya saita mata haka don datar ta riƙa daɗewa. Na kunna Background data, na ba WhatsApp izinin Unrestricted data, sannan a ɓangaren Battery na mayar da shi Unrestricted, domin wasu wayoyin kan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin caji. Sunayen sukan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma wurare biyun nan ne, data da batir. Muka gwada: ta kulle allon ta ajiye wayar, na aika saƙo, tik biyu suka fito ba tare da ta taɓa ta ba.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne Read receipts. Sau da yawa na ji ana cewa wane ya kashe shi, shi ya sa ake ganin tik ɗaya. Ba haka ba ne. Kashe shi yana hana tik biyun zama shuɗi ne kawai, amma na biyun mai ruwan toka zai fito muddin saƙon ya sauka. Haka kuma tik biyu ba lallai ya nuna wayar mutum na kunne ba. Idan ya haɗa asusunsa da kwamfuta ta Linked devices kuma kwamfutar tana kan intanet, saƙon zai sauka a can ya nuna tik biyu ko da wayar tana kashe a aljihunsa.

Akwai kuma wanda ya bar layin gaba ɗaya. Goge manhajar daga waya ba ya goge asusun, don haka sunansa da hotonsa za su ci gaba da bayyana, kana aikawa yana tsayawa a tik ɗaya. WhatsApp yakan goge asusun da ya kai kwana 120 bai hau ba, kafin nan kuwa babu abin da zai gaya maka mutumin ya tashi. Gwajin guruf zai nuna saƙo bai sauka ba, kiran layi ko tambayar wani na kusa da shi ne kaɗai zai fayyace.

Na ƙarshe da ya same ni shi ne na Broadcast. Bayan abin da ya faru da yayana, na haɗa jerin mutane na aika musu sanarwar sabuwar lambata a tare. Kaɗan ne suka samu. Saƙon Broadcast yana isa ne kawai ga wanda ya riga ya ajiye lambarka a wayarsa, kuma lambar da nake sanarwa ita ce wadda kusan ba wanda ya ajiye. Da na duba Info na ga yawancinsu bai sauka ba, alhali ba wanda ya toshe ni a cikinsu. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya a hirar kai-tsaye, wannan karon na fara da cikakken sunana a layin farko. Wanda zai canza layi kuma yana son tsohon asusunsa ya biyo shi, ya yi amfani da Change number da ke cikin Settings, Account, domin shi yana sanar da gurufofinka da kansa, yana kuma ba ka zaɓin sanar da mutanen da kake hira da su.