Wa ke gayyata a katin ɗaurin aurenka?

Da bikina ya rage sati uku, ni kaɗai na je wurin mai buga kati a nan Gombe, ban shawarci kowa ba. Na zaɓi salon da abokaina ke yayi: sunana da na amarya da manyan haruffa a sama, a ƙasa kuma "Muna farin cikin gayyatarku zuwa ɗaurin aurenmu." Aka buga guda 300. Da na kai wa Baffana nasa kason a Jekadafari, ya karanta, ya juya bayan katin, ya sake juyowa, sannan ya ce, "Ɗana, wa zai aurar da ku?" Mahaifina ya rasu tun ina sakandare, Baffa ne ya riƙe ni, shi ya je neman auren, shi zai karɓa mini. Amma ko sunansa babu a katin, balle na waliyyin amarya.

Ƙannena masu shirin aure, layin farko na kati shi ne ke nuna wanda ya yi gayyatar. A wurinmu ɗaurin aure sha'anin iyaye ne: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, shaidu su shaida. Dattijon da ke Kumo ko Dukku idan ya shiga mota ya zo, ba don ya san ango ba ne, don ya san mahaifinsa ne ko kakansa. Idan ya duba kati bai ga sunan gidan da ya sani ba, sai ya ɗauka taron yara ne, ya yi addu'a daga inda yake. Abin da tsohon salo ya kiyaye ke nan da ake cewa "Iyalan wane da na wane suna gayyatar..." Kafin zuwan kati ma, goro ko alawa ake rabawa gida gida, kuma da sunan iyaye ake kai shi.

Daren nan muka zauna da Baffa muka sake rubutawa. Muka fara da Bismillah, sai "Iyalan Marigayi" da cikakken sunan mahaifina, da na Baffa a matsayin mai gayyata, sannan iyalan gidan amarya. Sunayenmu suka koma tsakiya, bayan "ɗaurin auren 'ya'yansu", kuma sunayen yanka, ba laƙabin da abokai ke kiranmu da shi ba. Kalmar Marigayi tana da aiki: wanda ya daɗe rabonsa da gidan ba zai zo yana tambayar mamaci a bainar jama'a ba. Shi kuma suna da laƙabi na ɓangaren amarya, Alhaji ne, Malam ne, ko mai riƙe da sarauta, ba mu yi hasashe ba. Baffa ya aika musu da takarda suka rubuto yadda suke so a sa, domin sauke wa mutum sarautarsa a kati abu ne da ake daɗewa ba a manta ba.

Lokaci ma na yi kuskure a kansa. Na sa ƙarfe 2:00 na rana kawai, alhali a masallacin Juma'a za a ɗaura, kuma ana idar da sallah liman zai fara. Wanda ya bi agogo yana iya tarar da an shafa Fatiha. Muka mayar da shi "nan take bayan sallar Juma'a", da sunan masallacin da unguwar. Kwanan watan Musulunci kuwa, idan an buga kati kafin a ga wata, yana iya gocewa da kwana ɗaya, saboda haka muka sa ranar Juma'a a gaba, kwanan wata na boko ya biyo, na Hijira ya zo a ƙarshe.

Ban ce a yar da salon zamani ba, wurinsa daban ne. Katunan farko ban zubar da su duka ba, na ba abokan makaranta da na wurin aiki da suka riga suka san komai. Amarya da ƙawayenta suka buga nasu ƙarami na kamu da walima, da kalmomin da suka ga dama, babu wanda ya ce uffan, tunda ba shi za a miƙa wa Goggo ko limamin unguwa ba. A ganina kati biyu ya fi ƙoƙarin cusa zamani biyu a fuska ɗaya.

Kafin ku ce a buga da yawa, ku karɓi guda ɗaya na gwaji ku kai wa babban gidanku da na gidan amarya, a karanta musu da murya. Ku duba ƙugiyar haruffa kuma, don wasu salon rubutun na kwamfuta ba su da ɗ da ƙ, sai "ɗansu" ya fito "dansu". Na biyun da muka buga guda 200 ne, Baffa da kansa ya raba na dattawa, kowanne da ƙullin goro.