Abin da yayata ta gyara mini a wasiƙar neman aiki

Bayan na gama bautar ƙasa na yi wata huɗu ina tura wa masu ɗaukar aiki imel, amsa sai jifa-jifa. Wata Juma'a da yamma na je gidan yayata a Gwammaja, ita da ke aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani a Bompai, na miƙa mata wayata. Ta gyara zaman tabarau, ta karanta har ƙarshe, sannan ta ce, "Ƙanina, Turancinka ba shi da laifi. Hausa ce ka rubuta da kalmomin Turanci."

Layi biyar na farko duk gaisuwa ce: lafiyarsu, aiki, iyali, addu'a. A wurinmu wannan tarbiyya ce, kuma har gobe ba na jin kunyarta. Amma ta ce mai karantawa yana da tulin wasiƙu a gabansa, galibi a waya yake dubawa, in bai ga muƙamin da kake nema a layin farko ba sai ya wuce.

Abin da ya fi taɓa ni jimloli biyu ne da na ɗauka ladabi ne tsantsa. Na rubuta "I want you to consider me", ina nufin "ina so a duba ni". A kunnen mai Turanci wannan umarni ne, irin na maigida ga yaronsa. Na kuma rufe da "I am waiting for your reply". Mu in muka ce "ina jiran amsarku" girmamawa ce, har da jam'in da muke yi wa babba. Turanci ba ya bambanta "kai" da "ku", don haka girmamawar ta zube a hanya, abin da ya rage kamar mai bin bashi ne a ƙofar gida. Ladabinsu a ginin jimla yake: buƙata takan zo a siffar tambaya, da "Could you" ko "Would you".

A nan kan tabarma muka sake rubutawa. A gurbin taken imel ɗin muka sa sunan muƙamin da lambar tallar aikin, sannan:

```
Dear Hiring Manager,
I am applying for the Accounts Officer role.
My CV is attached.
Could you please confirm receipt?
Kind regards,
```

Ta sa na cire labarin halin da gida ke ciki, wanda na ci sakin layi guda a kansa. Na ji zafin hakan, don gaskiya na faɗa, amma ta ce cancanta ake tambayarta a wannan matakin. Takardar bayanan karatu da aikina kuwa muka mayar da ita PDF, muka sa mata cikakken sunana maimakon "Document1".

Na tambaye ta yaushe zan tuntuɓa in na ji shiru. Ta ce bayan mako guda, sau ɗaya, a ƙarƙashin wasiƙar farko don su ga zaren maganar, kuma kada saƙon ya wuce jimla biyu.