Yadda Muke Sake Ɗinka Babi na Biyu

Ƙaramin ofishina na gyaran rubutu ya fi samun aiki daga ɗaliban digiri na biyu, kuma babin kundin bincikensu da ya fi kawo su shi ne na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata. Yawanci malamin da ke duba aikin ya riga ya mayar musu da shi, yana cewa jerin sunaye suka kawo. Kafin in karanta babin, nakan duba kalmar farko ta kowane sakin layi. Idan dukkansu da sunan marubuci da shekara suka fara, na san taƙaitawa aka yi ɗaya bayan ɗaya. Gwaji na biyu shi ne in sauya wa sakin layukan wuri, domin idan na goma zai iya komawa na uku ba tare da an rasa komai ba, to babu zaren da ya ɗinke su.

Wata ɗaliba ta kawo mini shafi 22 da ta taƙaita ayyuka 31 a kan dalilan da ke sa manoma karɓar buhun PICS wajen adana wake. Wannan buhu, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a 2007, yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, kuma yana kashe ƙwari ta hanyar hana iska shiga. Ta karanta ayyukan da gaske, amma mai karatu zai kai ƙarshen babin bai san abin da manazarta suka yarda a kai ba, balle inda suka saɓa.

Ba mu taɓa rubutun ba a makon farko. Mun buɗe jadawali a Excel, kowane aiki da layinsa, sannan muka ware gurabe na wurin bincike, da shekara, da hanyar tattara bayani, da abin da aka gano. Na ƙara gurbi guda wanda na fi ba muhimmanci, wato abin da kowane marubuci yake nufi da kalmar "karɓa". Ita na sa ta cike jadawalin daga ainihin takardun, ba daga taƙaitawarta ba, domin ba na rubuta wa ɗalibi kundinsa, kuma ita ce za ta tsaya gaban masu jarrabawa.

Wannan gurbin ne ya buɗe aikin. Da muka karanta shi daga sama zuwa ƙasa, sai muka ga wasu suna ƙirga duk manomin da ya taɓa amfani da buhun ko da sau ɗaya, wasu kuwa wanda ya saya da kuɗinsa a kakar da aka yi binciken kawai suke ƙirgawa. Manomin da aka ba buhu kyauta a taron gwaji ya shiga lissafin farko, bai shiga na biyu ba. Saɓanin da ta ɗauka na sakamako ne, ashe mafi yawansa na ma'auni ne, kuma wannan bayani shi kaɗai ya zama sashen farko na sabon babin.

Sauran jigogin daga jadawalin suka fito, ba daga kanmu ba: tsadar buhun, da samuwarsa a kasuwar kusa lokacin kaka, da sanin yadda ake ɗaure shi. Kowane sakin layi yanzu da magana yake farawa, kamar cewa nisan dillali yana iya hana manomi saye ko da yana da kuɗin, sannan a kawo ayyukan da suka goyi bayan haka a jimla guda, a biyo da wanda ya saɓa da dalilin saɓaninsa. Aiki ɗaya kan fito a wurare uku, yayin da ayyuka 6 suka fita gaba ɗaya saboda ba su taɓa tambayar bincikenta ba. Cire su ya yi mata ciwo, kuma na fahimci hakan, ganin daren da ta raba tana karanta su.

Kuskuren da na fi gani a wannan mataki shi ne a ɗora kanun jigo a kan tsofaffin taƙaitawa, a ce an gyara. Wani kuma shi ne ƙidayar ƙuri'a, a ce ayyuka takwas sun ce tsada ce, uku sun ce a'a, alhali binciken ƙauye ɗaya ba ya ɗaukar nauyin wanda ya ratsa jihohi da yawa. Babin nata ya koma shafi 14 bayan zama biyar, kuma sakin layinsa na ƙarshe ya nuna cewa kaɗan ne daga ayyukan da ta tara suka bi manomi har kaka ta biyu don ganin ko ya sake saye, wanda shi ne tambayar da babi na uku ya tashi amsawa.