Abin da golbol ta koya mana a kulob ɗin makafi na unguwarmu

Duk wanda ke son buɗe kulob ɗin wasanni na matasa masu larurar gani a Sakkwato, shawarata ita ce kafin ya sayi ƙwallo ya fara tunanin ɗan jagora. Wallahi nan ne maganar take. Matashin da ba ya gani ba shi kaɗai yake zuwa fili ba, ƙanensa ko ɗan maƙwabta ne ke riƙo mai sanda, yaro ɗan shekara sha biyu sha uku wanda shi ma yana da nashi uzuri. In ka aje wannan yaro bakin fili yana kallo, yau zai zauna, gobe zai zauna, jibi zai ce an aike shi kasuwa, kuma ranar da bai zo ba ɗan wasanka ma bai zo ba. Sai munka yanke cewa duk ɗan jagora ɗan wasa ne, a ɗaure mai ido shi ma ya shiga.

Abin da ya sa munka zaɓi golbol kenan maimakon wani wasa. Ita dama dokarta haka take, kowa sai an rufe mai ido, mai gani kaɗan da wanda ba ya gani sam, don a zo daidai. An ƙirƙiro ta a 1946 don tsofaffin sojojin da sunka rasa ganinsu a yaƙin duniya na biyu. Mutum uku-uku ne kowane ɓangare, fili tsawon mita 18 faɗin mita 9, raga ta cinye faɗin filin gaba ɗaya kuma tsayinta mita 1.3, ana gangaro ƙwallo da hannu ƙasa-ƙasa su kuma waɗancan su saurari ƙararrawar da ke cikinta su kwanta a gicciye su tare da jikinsu. Ranar farko da munka haɗa su, 'yan jagora ne sunka sha kashi, yaro ya kwanta hagu ƙwallo ta wuce dama, yayansa da yake ja kullum yana ta mai dariya yana cewa "kai Ƙane, ba ka da kunne ne?" Daga nan ba mu sake roƙon kowa ya rako ɗan'uwansa ba.

Ƙwallon asali nauyinta kilo 1.25 ne, roba ce mai tauri da huji takwas don sauti ya fito, kuma ba a kasuwa ake tsintarta ba. Mu tsohuwar ƙwallon kwando munka samu, munka kai wa baduku ya tsaga gefe kaɗan, aka zuba 'yan ƙananan ƙararrawa a ciki, ya ɗinke, ya huda ƙananan huji. Matsalarta tunda babu iska a ciki, in ta sha jifa sai ta lotsa ta riƙa gangara a karkace, kuma da ka ji sautin ya koma kamar daga cikin tulu to ƙararrawar ta maƙale a ɗinki, sai an girgiza ko a buɗe. Kar ka cusa mata soso don ta cika, sautin zai mutu. Wasu na zuba marfin kwalbar lemo, yana yi, amma ƙararsa ba ta kai nisa.

Sai fili. Rairayi ba ya yi ko kusa, ƙwallo ba ta gangara kuma ƙasa na shanye ƙarar. Wani zauren taro na makarantar firamare munka roƙa, daɓen siminti mai sulɓi, bai kai mita 18 ba sai munka rage tsawo munka bar tsarin yadda yake. Layin fili ba fenti ba ne tunda ba mai ganinsa, igiya ce siririya ake shimfiɗawa a bi ta da salatef mai faɗi, ɗan wasa ya lalubo da hannu ko ƙafa ya san inda yake. Lokacin hunturu ƙura ke hana salatef kamawa, sai ka share ka goge da jiƙaƙƙen tsumma ya bushe tukuna, in ba haka ba minti goma igiya ta tashi. Siminti kuma yana cin gwiwa da kwankwaso, don haka tela ya ɗinka mana matashin gwiwa da na hannu da guntayen soson katifa. Kuma kafin a fara, kowane sabon ɗan wasa sai an zagaya da shi ya taɓa bango da raga da ƙofa, ya san ina ne ginshiƙi.

Amma abin da ya fi ba mu wuya shi ne shiru. Mutanenmu in sun zo kallon ƙwallo ihu suke, nan kuwa ihu zalunci ne, don kunne shi ne idon ɗan wasa. Alƙali zai ce a yi shiru, ya busa usur, sai an ci ko ƙwallo ta fita sannan a yi tafi. 'Yan kallo dai ana iya lallashinsu, injin markaɗe na maƙwabta da janareto da 'yan kabu-kabu fa? Dole munka koma safiyar Asabar, daga ƙarfe bakwai zuwa tara, wanda ya yi daidai kuma da zafin garin nan, don watan Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, zaure mai rufin kwano ba ya shiguwa bayan hantsi balle a kunna fanka ta rufe ƙararrawa. Asalin wasa minti 12 ne sau biyu, mu da sabbin shiga minti biyar muke yi a sha ruwa a canza.

Doka biyu kawai muke koyarwa a watan farko. Ta ɗaya, ƙwallo ta taɓa ƙasa kafin ta wuce mita 6 daga ragarka, don kar a jefo ta sama ba sauti ta sami mutum a fuska. Ta biyu, ba a taɓa abin rufe ido sai da izinin alƙali, kuma 'yan jagora ne ɓarayin wannan, sai ka ga yaro ya ɗan ɗaga haɓa yana leƙe ta ƙasan ƙyalle. Dokar daƙiƙa 10 ta mayar da ƙwallo sai daga baya.

Shi ƙyallen rufe idon, kowa da nashi, a rubuta suna ko a ɗinka alama, a wanke bayan wasa, don in aka yi karɓa-karɓa ciwon ido na afolo zai zagaye kulob ɗin cikin mako guda. Kuma wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan, ko mai hawan jinin ido da ke da sauran gani, ba ma sa shi sai likitansa ya yarda, ƙwallo mai nauyi a fuska na iya tafiya da ɗan abin da ya rage.

Iyaye kuwa ba takarda ke shawo kansu ba. Ta wajen Sarkin Makafi da mai unguwa munka bi, sannan munka shiga gida-gida. Wani dattijo ya tambaye ni, "to Malam, in ya ji ciwo wa zai ɗauki nauyi?" Na ce Baba ka zo ka gani da kanka, ya zo ya zauna bakin ƙofa, da aka tashi ya ce ƙanwar yaron ma tana gida ba ta zuwa ko'ina. Sai da munka samo wata malama ta koyi alƙalanci, aka ware wa 'yan mata safiyar Lahadi, da dogon wando da ƙaramin hijabi wanda ba ya naɗe hannu in an kwanta tare ƙwallo. Kuɗin keke napep na masu zuwa daga Mabera da Arkilla ne har yanzu muke haɗawa da karo-karo duk ƙarshen wata, kuma shi ya fi komai cin kuɗin kulob ɗin.