Tafiya karatu ƙasar waje, kashi na 3: kowace takarda da wa'adinta

Makon jiya mun tsaya a kan daidaita suna tsakanin fasfo da takardun makaranta. Yau kwanan wata za mu duba, domin ɗalibi kan haɗa takardunsa cif, amma kafin ta ƙarshe ta fito, ta farko ta mutu.

Mu ɗauki ɗalibin da zai fara karatu a Birtaniya cikin Satumba. Jami'a za ta ba shi lambar CAS, wato shaidar cewa ta ba shi gurbin karatu, wadda ba a cike neman biza sai da ita, kuma wata shida take yi. Idan ƙasarsa na cikin waɗanda ake nema wa gwajin tarin fuka, takardar gwajin ita ma wata shida ce daga ranar hoton ƙirji, kuma sai a asibitin da hukumar biza ta amince da shi. Wanda ya yi azarɓaɓin yin gwajin a farkon Janairu, ya zo neman biza a tsakiyar Yuli, sai ya sake.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne takardar banki. Dole kuɗin da aka ƙayyade su kwana a asusu kwana 28 a jere. A ce sun cika ranar 1 ga Yuni, kwana na 28 zai faɗo 28 ga Yuni. To idan ranar 19 ga wata aka zari wani abu har kuɗin suka gaza adadin, ko da an mayar washegari, lissafi ya koma farko. Sau da yawa ma ba mai asusun ne ya taɓa ba, ɗan cajin banki ne ya gutsure su. Shi ya sa ba a ajiye adadin daidai wa daida, a ɗora wani abu a kai, musamman idan asusun ba na fam ba ne, tunda da canjin ranar da aka nemi biza ake lissafi.

Bayan nan akwai wani wa'adin: ranar ƙarshe da ke jikin takardar kada ta wuce kwana 31 kafin ranar neman biza. Wadda ta rufe a 28 ga Yuni, a shigar da ita kafin 29 ga Yuli. CAS ta makara? A bar kuɗin inda suke, a karɓi sabuwar takarda.

Katin rigakafin shawara, ga mai zuwa ƙasar da ke nemansa, nasa sha'anin daban ne. Ba ya mutuwa, amma ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, don haka wadda aka yi ana jibi tafiya ba ta fisshe ka a filin jirgi.

Mako mai zuwa sai takardun da ke zama a jakar hannu.