Ranƙwashi Ba Ya Koyar da Gaisuwa

Ranar Asabar a wajen sunan ɗiyar ƙanwata na ga ɗan yayana ya janyo yaronsa ɗan shekara uku gaban dattawa yana ce masa, "Gaida su Alhaji!" Yaron ya sa yatsa a baki ya maƙale a bayan rigar ubansa. Sau uku ana faɗa, a na huɗu aka ɗora masa ranƙwashi. Ya fashe da kuka, gaisuwar kuma ba a samu ba. Na kasa cewa komai, domin abin da na yi wa babban ɗana ke nan.

Kuskurena shi ne na mai da gaisuwa abin da ake nema a gaban baƙi kawai. Da safe ina fita kasuwa yara ba su tashi ba. Ranar da nake gida, in yaron ya zo ya ce "Baba ina kwana", sai in ce "uhm" kunnena yana kan rediyo. Amma baƙo na shigowa sai in tashi da neman a durƙusa, a jera gaisuwa tun daga kwana har gajiya. A ina zai koya? Ba zan ce ban da uzuri ba. Neman abinci nake yi, kuma mu ma da tsawa aka tashe mu, ba mu lalace ba. Sai dai da na zauna na tuna, ba tsawar ce ta koya mana ba. Kullum bayan sallar asuba muna ganin mahaifinmu, da furfurarsa, ya cire takalmi a ƙofar ɗakin kakarmu ya tsuguna. Wannan ne ban nuna wa nawa ɗan ba. Yau ya girma, yana gaisuwa, amma a tsaye daga bakin ƙofa, murya can ƙasa, kamar mai biyan bashi. Laifinsa ne ko nawa? Wani lokaci nakan ce ai ƙannensa gida ɗaya suka tashi, kuma ba haka suke ba. To amma su uwarsu ce ta riƙe abin, bayan ta ga inda na ɓata.

Ga yadda ta yi. Yaro na fara haɗa kalmomi, wajen shekara biyu, sai ta ɗauke shi da safe ta kawo shi wurina, ta durƙusa tare da shi ta faɗi "ina kwana" a madadinsa. Kalma ɗaya tak, har ta zauna a bakinsa. Daga baya ta ƙara "ina wuni", sannan "sannu da zuwa" da "sannu da aiki". Ni kuma ta sa min doka: in ajiye abin da nake yi, in kira sunan yaron, in amsa da "lafiya lau, ka tashi lafiya?", in sa masa albarka. Yaron da aka amsa wa da fara'a gobe da kansa zai dawo. Sai wajen shekara biyar ta shiga gyaran jiki: a cire takalmi, a rusuna, kada a zuba wa babba ido, kada a riga shi miƙa hannu, in ya miƙo a karɓa da dama. Ta kuma koya musu wa ake ce wa Kawu, wa Baffa, wa Gwaggo, don kada gaisuwar ta fita ba suna.

Na so in jera muku shawarwari da yawa, amma kaɗan ne suka rage. Kada ku kunyata yaro a gaban baƙo. In ya noƙe, ku gaisa a madadinsa, ku yi gyaran bayan an tafi. Ɗan shekara uku da ya ɓuya ba raini yake yi ba, baƙunta ce. Amma fa ɗan shekara bakwai da ya faɗo gida ba sallama, ku mayar da shi waje ya sake shigowa, ko da gaban wa ne. Na san na ce kada a kunyata shi. Wannan dai ban iya ƙyale shi ba.

Kada kuma ku manta da sa'o'insa, nan ma na yi sakaci. Hadisi ya tsara abin: ƙarami ya fara yi wa babba sallama, mai wucewa ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa. Saboda haka yaron da ya iske abokansa suna wasa, shi zai fara, ya ba kowa hannu, har wanda suka yi faɗa jiya. Annabi (SAW) da kansa yakan yi wa yara sallama idan ya wuce su, don haka ba faɗuwa ba ce ka riga ɗanka wani lokaci.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ku iyayen yanzu ku ne ba ku gaisuwar. Saurayi ya wuce dattawa a dakali, waya a hannu, kunne a toshe, ya ɗaga hannu ɗaya ya ce "ya dai?" Sannan ya koma gida ya ranƙwashi yaro don bai durƙusa ba! Ɗan yayan nawa, da ya iso wajen sunan, a tsaye ya gaishe ni, yaron kuwa yana riƙe da hannunsa yana kallo.